Na kashe Secure Boot na maido shi, amma BitLocker ba ta daina neman lambobi 48 ba

Mai_Gyara_BK:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kafin in ƙara ɓata abin da na riga na ɓata. Jiya da yamma wata malamar makaranta ta kawo laftof ɗinta shagona a nan Birnin Kebbi, tana kukan cewa na'urar ta yi nauyi. Windows 11 Pro ce a kanta. Na so in duba lafiyar faifan ajiyar daga waje, sai na shiga saitin BIOS na kashe Secure Boot, na tayar da ita da filashin Ubuntu, na gama dubawa na zare filashin. Da na sake kunna ta sai ga shuɗin allo yana neman mabuɗin ceto mai lambobi 48 na BitLocker, wato tsarin Windows da ke rufe bayanan faifai. Malamar ta ce ko sunan BitLocker ba ta taɓa ji ba, ɗanta ne ya saita mata na'urar, shi kuma yana karatu a Sakkwato kuma wayarsa ba ta shiga. Sakamakon jarrabawar ɗalibanta na zango biyu yana ciki. Na koma na kunna Secure Boot, amma allon bai tafi ba. Tambayata ita ce, tunda an ce mabuɗin yana cikin TPM, wato ɓangaren tsaro na na'urar da ke kula da makullai, kuma TPM ɗin tana nan ba wanda ya taɓa ta, me ya hana ta buɗewa? Sannan na ga wani zaɓi a BIOS mai suna Clear TPM, shin idan na danna shi zai warware matsalar?

Injiniya_Gwandu:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, don Allah kada ka danna Clear TPM. Ka janye hannunka daga wannan shafin gaba ɗaya har sai mun gama magana. Zan yi bayanin dalili in na idar da sallah.

Dan_Kamba:
Malam, ai abin a fili yake. Secure Boot ne ya ga ka shigo da baƙuwar manhaja, shi ya sa ya kulle na'urar, domin aikinsa ke nan. Ka cire ƙaramin batirin da ke kan babban allon cikin na'urar na minti biyar ka mayar, saitin zai koma yadda ya fito daga kamfani, shi kuma zai manta da abin da ya gani. Na sha yin haka a kan kwamfutocin tebur idan an manta kalmar sirrin BIOS.

Injiniya_Gwandu:
Malam Dan_Kamba, da girmamawa, cire batiri ba zai taimaka ba, yana ma iya sauya wasu saituna ya ƙara nisanta mu daga inda muke son komawa. Kuma ba Secure Boot ne ya kulle faifan ba. Shi wannan shuɗin allon ma shaida ne cewa Secure Boot ya bar Windows ta wuce, domin manhajar da ke tayar da Windows ita ce ta zana allon, kuma ba za ta kai ga zana shi ba sai an amince da sa hannunta. Idan Secure Boot ne ya hana, abin da ake gani daban ne: a na'urori da yawa wani akwati ne ke fitowa ɗauke da rubutun Secure Boot Violation, tun kafin wani abu na Windows ya motsa.

Abubuwa biyu ne ke gudana lokacin da kwamfuta ke tashi, kuma mutane suna haɗa su saboda a lokaci ɗaya suke faruwa. Na farko tantancewa ce. UEFI, wato BIOS na zamani, tana duba sa hannun kowace manhajar tashi, ta gwada shi da jerin waɗanda aka amince da su mai suna db da jerin waɗanda aka haramta mai suna dbx, sannan ta bari ko ta hana. Wannan shi ne Secure Boot, kuma ba ya buƙatar TPM ko kaɗan, domin jerin nasa suna zaune a ma'ajiyar UEFI da ke kan allon na'ura. Na biyu awo ne. Kowane mataki yana auna wanda zai biyo bayansa kafin ya miƙa masa ragama, ya aika sakamakon cikin TPM. Shi awon ba ya hana komai tashi, ko da muguwar manhaja ce za a auna ta a bar ta ta wuce. Amfaninsa yana zuwa ne daga baya, lokacin da aka nemi TPM ta saki wani sirri, sai ta duba ko awon yau ya yi daidai da na ranar da aka damƙa mata sirrin. A na'urar malamar bai yi daidai ba, shi ya sa ta ƙi.

Malama_Argungu:
Injiniya, bari in gwada ko na fahimta. Kamar a wurin sayen shinkafa ne, akwai mai tsaron ƙofa da ke mayar da duk wanda ba shi da takardar shiga, akwai kuma malamin sikeli da ba ya korar kowa, nasa kawai ya ɗora buhu ya rubuta nauyinsa. Mai biyan kuɗi kuma ba ya buɗe akwati sai lissafin malamin sikeli ya yi daidai da abin da yake tsammani. Haka ne?

Injiniya_Gwandu:
Haka ne Malama, sai dai misalin ya gaza a wuri ɗaya, kuma wurin yana da muhimmanci. Malamin sikeli yana iya goge layi a littafinsa, ko ya tara nauyin buhuna ta kowane tsari jimilla ta fito iri ɗaya. A TPM ba haka ba ne. Akwai gurabe 24 da ake kira PCR, daga 0 zuwa 23, kuma waɗanda suka shafi tashin na'ura ba a iya rubuta musu lambar da aka ga dama. Abu ɗaya kawai ake iya yi musu, wato a cuɗa sabon awo da abin da ke ciki:

```
PCR_sabo = SHA256( PCR_tsoho || awo )
```

A duk kunnawa gurbin yana farawa daga ƙimarsa ta asali, wadda ga yawancinsu sifili ce zalla. Sai a haɗa abin da ke ciki da awon farko a tace su ta SHA-256, abin da ya fito ya zama sabon abin da ke ciki, a sake haɗa shi da awo na biyu, haka har ƙarshe. Girman gurbin ba ya ƙaruwa, bayit 32 ne ko an yi awo uku ko ɗari. Idan harafi ɗaya ya sauya a awo ɗaya, ko aka gabatar da na biyu a kan na farko, lambar ƙarshe za ta fito daban gaba ɗaya. Muguwar manhajar da aka riga aka auna ba ta da hanyar janye awonta, domin babu ragi a wannan lissafin.

Dalibi_Aliero:
Ina da ƙari a kan wanne gurbi ke ɗauke da me, domin shi ne ya shafi matsalar Mai_Gyara_BK kai tsaye. PCR 0 na manhajar UEFI ce kanta, PCR 2 na manhajojin da ke zuwa da wasu katuna kamar katin hoto, PCR 4 na manhajar da ke tayar da Windows ko Linux, PCR 7 kuma na yanayin Secure Boot ne. A cikin na bakwai ɗin ana auna ko Secure Boot a kunne yake ko a kashe, a auna PK da KEK, wato makullan da ke ba da izinin sauya jerin, da db da dbx, sannan a auna takardar shaidar da aka yi amfani da ita wajen amincewa da manhajar tashi. A sababbin na'urori BitLocker takan ɗaure mabuɗinta da PCR 7 da 11 ne, idan hakan bai yiwu ba sai ta koma 0, 2, 4 da 11. Saboda haka kashe Secure Boot kaɗai ya isa ya sauya PCR 7. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda gurabe suna farawa sabo a kowace kunnawa, maido da Secure Boot ya kamata ya maido da lambar yadda take, na'urar ta buɗe ba tare da neman komai ba. Na gwada haka a tawa, kuma ta buɗe. Malam, ka tabbata ba ka taɓa wani abu ba bayan wannan?

Mai_Gyara_BK:
To, gaskiya dokin ƙarfe. Da na zo maido da Secure Boot, na ga wani zaɓi a ƙasansa mai suna Restore Factory Keys, sai na danna shi ina ganin zai ƙara tabbatar da komai ya koma daidai. Ban ɗauke shi wani abu ba, shi ya sa ban ambace shi a farko ba.

Injiniya_Gwandu:
To ga bakin zaren nan. Wannan zaɓin yana mayar da PK da KEK da db da dbx zuwa yadda suka fito daga masana'anta. Amma na'urar da aka daɗe ana amfani da ita ba lallai ne jerinta su kasance na masana'anta ba, musamman dbx, domin sabuntawar Windows takan ƙara masa sunayen manhajojin tashi da aka gano suna da rauni. Lokacin da Windows ke yin irin wannan ƙarin da kanta, tana kula da BitLocker don kada ta faɗa neman mabuɗin ceto. Kai kuwa ka mayar da jerin baya ba tare da saninta ba. Yanzu Secure Boot a kunne yake kuma ya gamsu da Windows, amma abin da aka auna cikin PCR 7 ba shi ne na makon jiya ba. A ganina wannan ne ya faru. Kuma daga saitin BIOS babu maɓallin da zai maido da tsohon jerin, don haka mabuɗin ceto shi ne hanyar da ta rage.

Dan_Kamba:
Na karɓi gyara a kan batiri. Amma har yanzu ban ga laifin Clear TPM ba. Idan TPM ɗin ce ta riƙe tsohon awo tana gardama, ai share ta shi ne magani, sai ta ɗauki sabo.

Injiniya_Gwandu:
Wannan ya kawo mu ga tambayar farko, wato me ke cikin TPM. Mutane suna ɗaukar ta kamar akwatin ƙarfe cike da makullai, alhali ma'ajiyarta ta dindindin 'yar ƙarama ce, wasu kilobayit ne kawai. Abu mafi daraja a cikinta wasu lambobin sirri ne da ba sa fita waje, waɗanda za a iya kwatanta su da irin shuka, domin daga gare su take sake tsiro da manyan makullanta duk lokacin da aka buƙata. Akwai irin shaida, wanda daga shi ake samun mabuɗin EK da ke tabbatar da cewa wannan TPM ta gaskiya ce. Akwai irin ajiya, wanda daga shi ake samun mabuɗin da ke lulluɓe sirrin da aka damƙa mata. Bayan waɗannan akwai ɗan wuri na ƙananan bayanai, da ma'ƙirgin kuskuren lambar sirri, sai gurabe na PCR da ba sa wuce kashe na'ura.

Mabuɗin BitLocker ba ya kwana a cikinta. Bayanan faifai an rufe su da wani mabuɗi, shi kuma an rufe shi da wani mai suna VMK. Shi VMK ɗin ne aka miƙa wa TPM ta lulluɓe shi tare da sharaɗin cewa kada a buɗe sai PCR kaza da kaza sun nuna lamba kaza, sannan aka ajiye ƙunshin a kan faifan kansa. Wato tsohon awon da kake cewa ta riƙe, ba ita ta riƙe shi ba, yana ɗaure a jikin ƙunshin. A kowace kunnawa ana miƙa mata ƙunshin, ta kwance shi da mabuɗin ajiyarta, ta duba sharaɗin. Clear TPM yana sauya irin ajiyar ne da sabo. Daga lokacin babu wata TPM a duniya da za ta iya kwance tsohon ƙunshin, har da ita kanta, ko da an yi sa'a PCR 7 ya koma daidai. Sauran abubuwan da aka rataya mata ma, kamar lambar shiga ta Windows Hello, sukan tafi tare.

Hajiya_Zuru:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Kwamfutar ofishinmu ta ƙi karɓar Windows 11, tana cewa babu TPM 2.0, alhali ba ta tsufa sosai ba. Shin ana sayen wannan abin a kasuwa a liƙa ne, kuma nawa yake kaiwa?

Dalibi_Aliero:
Hajiya, taki daban ce da wadda ake magana a kai, amma amsarta gajeriya ce. Sau da yawa TPM ɗin tana nan, a kashe take kawai. Ba kowace TPM ce ƙwaya mai zaman kanta a kan allo ba, akwai wadda ke cikin kwakwalwar na'urar. A saitin BIOS ki sa a nemi Intel PTT idan ta Intel ce, ko AMD fTPM idan ta AMD ce, a kunna. Bayan haka a rubuta `tpm.msc` a Windows, a duba inda aka rubuta Specification Version a ga ko 2.0 ne.

Mai_Waya_Yauri:
Bayanin Injiniya ya tuna mini da abin da ya same ni bara. Laftof ɗin wani ɗan kasuwa ta sha ruwa a kwale-kwale, allon ya ƙone, amma faifan lafiya lau. Na cire shi na saka a wata na'ura iri ɗaya sak, har kwanan kamfani kusan ɗaya, ina tsammanin tunda komai iri ɗaya ne zai buɗe. Bai buɗe ba, lambobi 48 ɗin nan ya nema. A lokacin na zaci wani saiti ne ban daidaita ba, na kwana biyu ina juya BIOS. Yanzu na gane ko da awon ya zo ɗaya, irin da ke cikin TPM ta biyun ba shi ne na ta farko ba. Faifan yana nan a aljihun tebur har yau, mai shi bai samo lambobin ba.

Malam_Jega:
Ni akwai abin da bai kwanta mini ba a wannan tsari duka. Idan Secure Boot yana hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, mene ne kuma amfanin awo? Mai gadi ya riga ya tantance kowa, sai kuma a sa wani yana rubuta sunayen waɗanda aka riga aka tantance? Ina ganin wahala ce kawai aka ƙara wa masu gyara da masu na'ura, ga shi yanzu sakamakon ɗalibai ya maƙale ba tare da ɓarawo ya zo ba.

Injiniya_Gwandu:
Malam Jega, tambayar tana da kyau, kuma filashin Mai_Gyara_BK ya isa amsa. Ubuntu tana tashi da wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Microsoft ta sa wa hannu da takardar shaidar da ta ware don manhajojin wasu. A yawancin na'urori wannan takardar tana cikin db, don haka Ubuntu tana wuce Secure Boot lafiya. Ka ɗauka ɓarawo ya sace laftof ɗin malamar ya saka irin wannan filashin. Secure Boot zai bar shi ya tashi, domin sa hannun halal ne. Da tantancewa kaɗai ake dogaro da ita, da sai ya nemi TPM ta ba shi mabuɗin daga cikin Ubuntu. Abin da ya hana shi shi ne takardar da ta amince da shim ba ita ce ta amince da Windows ba, kuma an auna wannan bambancin cikin PCR 7, sai TPM ta ƙi. Haka kuma wanda na'ura ke hannunsa yana iya shiga BIOS ya kashe Secure Boot cikin minti ɗaya idan babu kalmar sirri, kuma Secure Boot ba shi da bakin da zai faɗa wa kowa an kashe shi. Awon ne ke tona wannan.

Shi kuma PCR 11 da ɗalibinmu ya ambata, aikinsa rufe ƙofa ne a baya. Da zarar manhajar tashin Windows ta karɓi mabuɗin, sai ta ƙara awo a wannan gurbin kafin ta miƙa ragama, don kada wata manhaja ta zo daga baya ta sake neman TPM ta kwance ƙunshin.

Mai_Gyara_BK:
Ke nan tun farko ban ma buƙaci kashe Secure Boot ba don in tayar da Ubuntu?

Dalibi_Aliero:
Mai yiwuwa ba ka buƙata ba, Malam. Sai dai akwai wasu sababbin laftof da ke zuwa da waccan takardar ta manhajojin wasu a kashe, kuma kunna ta yana sauya db, wanda shi ma zai sauya PCR 7. Abin da ya fi aminci shi ne a dakatar da kariyar daga cikin Windows kafin a taɓa BIOS ko kaɗan.

Malam_Jega:
Na ji amsar ɓarawo mai filashi, kuma na yarda da ita. Amma ban janye duka ba. Na ga bidiyon wani mai bincike da ya buɗe bayan wata tsohuwar laftof, ya ɗora 'yar na'ura mai arha a kan layukan da ke tsakanin TPM da kwakwalwar kwamfuta, ya kama mabuɗin yana wucewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ba a sauya komai ba, awo ya yi daidai, TPM ta saki mabuɗin da kanta. To mai gyara mai gaskiya ya sha wahala, ɓarawo mai ilimi kuma ya wuce.

Injiniya_Gwandu:
Wannan harin gaskiya ne, kuma ya shafi na'urorin da TPM ɗinsu ƙwaya ce daban a kan allo, inda mabuɗin ke bi ta layin LPC ko SPI. Waɗanda tasu ke cikin kwakwalwa ba su da wannan layin a waje, ko da yake su ma an taɓa samun rauninsu ta wasu hanyoyi. Maganin da aka sani shi ne a ƙara lambar sirri kafin tashi, yadda TPM ba za ta saki komai ba sai awo ya yi daidai kuma an buga lambar. A nan ne ma'ƙirgin kuskuren da na ambata yake aiki: yadda Windows ke saita TPM 2.0, bayan kuskure 32 sai ta kulle, sannan ta riƙa yafe kuskure ɗaya bayan kowane minti 10, don haka ba a iya yi mata ruwan gwaji. Amma ban ce kowa ya saka ba. Malamar da ba ta san da BitLocker a na'urarta ba, ƙara mata wata lamba da za ta iya mantawa ba lallai ne alheri ba.

Malama_Argungu:
A nan ni ina tare da Malam Jega ta wani ɓangare. Ba tsarin nake zargi ba, rashin sanarwar nake zargi. Na'ura tana rufe faifai da kanta da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai sani ba, sai ranar da abu ya faru. Amma wannan ɗin ne kuma zai iya ceton malamar, domin idan ta wannan hanyar aka rufe, mabuɗin ceto yana cikin asusun da aka fara shiga da shi. Mai_Gyara_BK, a shuɗin allon akwai Recovery key ID. Ka rubuta haruffa takwas na farko, idan an samu yaron ya shiga `account.microsoft.com/devices/recoverykey` ya nemi wanda ya dace da su, domin asusu ɗaya yana iya ɗaukar makullan na'urori da yawa.

Mai_Gyara_BK:
Alhamdu lillahi, an samu yaron bayan Isha'i ta wayar abokinsa. Makullai uku ya tarar a asusunsa, na biyun ne ya dace da haruffan da na aika masa. Ya karanto mini rukuni takwas na lambobi shida-shida, Windows ta buɗe, takardun malamar suna nan, har na kwafe su a wani faifai. Sai dai da na sake kunna ta don gwaji, ta sake neman lambobin.

Injiniya_Gwandu:
Barka da arziki. Ta sake nema ne saboda ƙunshin da ke kan faifai har yanzu yana ɗaure da tsohon awo. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
manage-bde -protectors -get C:
manage-bde -protectors -disable C:
manage-bde -protectors -enable C:
```

Na farko zai nuna maka PCR Validation Profile, ka gaya mana abin da ka gani. Na biyu da na uku su ne za su sa a sake ɗaure mabuɗin da awon yanzu. Dakatarwa ba ta warware rufin faifan, don haka ba ta ɗaukar lokaci. Gaba kuma, duk na'urar da za ka taɓa wa BIOS, ka fara da `manage-bde -status`, idan a rufe take ka karɓi mabuɗin ceto a hannu, sannan ka dakatar da kariyar da `-RebootCount 0` a ƙarshen umarni na biyu, yadda ba za ta dawo ba sai ka maido ta da kanka. Kada ka manta ka bar Windows Update ta gama aikinta, domin dbx ɗin da ke kan na'urar yanzu tsoho ne.

Mai_Gyara_BK:
Ya nuna 7, 11, da rubutun Uses Secure Boot for integrity validation a ƙasa. Na yi sauran biyun, na kashe na kunna sau uku, ba ta sake tambaya ba.

Dalibi_Aliero:
Wannan ya tabbatar da cewa PCR 7 ne, amma ni bai tabbatar mini da cewa dbx ne ba. Restore Factory Keys yana taɓa jeri huɗu, kuma db ko KEK ma suna iya kasancewa an sabunta su. Lambar da ke cikin PCR ba ta faɗin abin da ya sauya, tana faɗin an sauya ne kawai. Mai faɗin dalla-dalla shi ne kundin awon, wanda ba a cikin TPM yake ba, UEFI ce ke rubuta shi ta miƙa wa Windows, ita kuma ta adana a `C:\Windows\Logs\MeasuredBoot`. Idan na kafin jiya yana nan, ana iya fassara shi a gwada da na yau a ga layin da ya bambanta. Malam, za ka iya kwafo fayilolin kafin ka mayar da na'urar?

Mai_Gyara_BK:
Sai na nemi izinin malamar tukuna, tunda na'urarta ce, kuma da ƙarfe tara za ta zo karɓa. Idan ta yarda zan kwafo.

Mai_Waya_Yauri:
Malama_Argungu, wannan shafin da kika ambata, idan mutum ya manta kalmar sirrin asusun kuma layin wayar da ya yi rajista da shi ya ɓace, akwai wata hanya? Ina tambaya ne saboda faifan da ke aljihun teburina.